Shafi goma sha ɗaya, minti goma: yadda za ki koyar da 'yan ajinku batun gudawar yara

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya. An ba kowannenmu batu ɗaya ya koyar da 'yan aji cikin minti goma, da silaid da tambayoyi. Ni gudawar yara ta faɗo mini. Rubutuna shafi goma sha ɗaya ne, na mayar da shi silaid 26, da na gwada a ɗaki sai na ci minti 24 ban ma kai ga tambayoyi ba. Duk abin da na duba sai in ga yana da muhimmanci. Me zan yanke, kuma yaya zan tsara sauran?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Gwajin da kika yi a ɗaki ya cece ki, domin mafi yawan ɗalibaina a gaban aji suke gano wannan matsala, lokacin da mai riƙe da agogo ya ɗaga hannu su kuwa suna kan silaid na tara. Amma kada ki koma kan silaid 26 ɗin nan da niyyar rage su ɗaya bayan ɗaya. Na ga ɗalibai da dama sun bi wannan hanya, suka rage zuwa 18, suka ƙara saurin baki, aka tashi ba wanda ya riƙe komai. Rufe fayil ɗin ki ajiye shi. Daga farar takarda za mu fara.

Dalili kuwa shi ne an yi rubutun darasi ne domin ya tattara duk abin da aka sani a kan batu: ma'ana, ire-ire, musabbabai, alamomi, magani, rigakafi. Mai karanta shi yana da damar ya tsaya, ya koma baya, ya sha ruwa ya dawo. Mai sauraro ba shi da wannan dama, abin da ya wuce kunnensa ya wuce. Ga kuma lissafin lokaci. Wanda ke magana a natse, yadda na bayan aji zai fahimta, ba ya wuce kalma 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Cikin minti goman nan kusan huɗu na tambayoyi ne da jiran amsa da sauya silaid. Ya rage miki minti shida na magana, wato kalma 750 ko ƙasa da haka. Shafi biyu zuwa uku ke nan na rubutun hannu. Ashe shafi takwas daga cikin naki ba za su shiga aji ba, ko da kuwa duk gaskiya ne abin da ke cikinsu.

Fara daga tambayar ƙarshe

Kafin ki zaɓi abin da za ki faɗa, zaɓi abin da kike son 'yar ajinku ta iya yi idan minti goma ya cika, abin da ba ta iya ba kafin ki miƙe. Ki lura na ce ta iya yi. "Su fahimci gudawa" ba manufa ba ce, don ba ki da hanyar gane ko sun fahimta. Manufa ita ce wadda za ki iya jarraba ta da tambaya ɗaya a gaban kowa.

Mu duba rubutun naki. Na san tsarinsa ko ban gan shi ba, don kusan duk iri ɗaya ne: ma'anar gudawa, wato bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a cikin awa 24, rabuwarta zuwa ta farat ɗaya, da wadda ta kai kwana 14, da atini mai jini, ƙwayoyin cutar da ke kawo ta, hanyoyin yaɗuwa, alamomin ƙarewar ruwa a jiki, tsare-tsaren magani uku, A, B da C, na IMCI, wato tsarin duba yara marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya, zinki, sannan wanke hannu, shayar da nono zalla da allurar rigakafi. Yanzu ki tambayi kanki: a cikin waɗannan, wanne ne idan 'yar ajinku ta kuskure shi a ɗakin shan magani na ƙauye, yaro zai iya rasa ransa a ranar? Ba jerin sunayen ƙwayoyin cuta ba ne, wannan kowa zai haddace shi a ɗakin kwana. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa, kuma inda sababbin ma'aikata ke tuntuɓe shi ne rarrabe wanda za a ba ruwan gishiri da sukari a wurin da wanda ke buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya nan take.

To ga manufarki: bayan minti goma, kowace ɗaliba za ta iya duba alamomi huɗu ta faɗi matakin ƙarewar ruwan yaro, ta kuma lissafa yawan ORS, wato ruwan gishiri da sukarin nan, da za a ba wanda ke matakin tsakiya. Ki rubuta wannan jimla a saman farar takardar. A ƙarƙashinta ki rubuta tambayar da za ki rufe da ita. Sai bayan nan ki koma kan shafukan nan goma sha ɗaya da biro a hannu, kina yi wa kowane sakin layi tambaya guda: ana buƙatarka kafin a amsa tambayar ƙarshe? Idan e, ki zagaye shi. Idan a'a, ki wuce, ko da malaminku ya ja masa layi biyu a aji.

Za ki ji zafin yanke zinki, na sani, domin yana da sauƙin koyarwa kuma yana fitowa a jarrabawa: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Ki ba shi layi ɗaya a silaid na ƙarshe, ko ki sa shi a takarda mai shafi guda da za ki tura wa 'yan aji bayan an tashi. Haka ma lissafin ruwan jijiya na Tsari C. Wannan darasi ne mai zaman kansa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Abin da kawai za ki ce a kansa shi ne wannan yaron ba na kofi da cokali ba ne, na gaggawa ne.

Yadda minti goman zai kasu

Kada ki buɗe da ma'anar gudawa. 'Yan aji biyu ne, sun san ta, kuma da zarar sun ji "gudawa ita ce" hannuwa za su koma kan waya. Ki buɗe da yaro. Misali: an kawo yaro ɗan wata 14, nauyinsa kilo 8, kwana biyu yana gudawa ba jini. Yana ta rigima ya ƙi kwanciya, idanunsa sun zurma, da aka miƙa masa kofi ya fizge yana sha kamar zai haɗiye kofin. Ki ce musu, "Ku ne kaɗai a asibitin yau. Gida zai koma, a benci zai zauna, ko ruwa za a ɗaura masa? Kada ku ba ni amsa yanzu, ku riƙe ta a zuciya." Wannan bai fi daƙiƙa 45 ba. Sai ki faɗi manufar a jimla ɗaya, daƙiƙa 30. Sallama da gabatar da kai su shiga cikin wannan lokacin. Na taɓa zama da agogo na ga ɗalibi ya ci minti ɗaya da rabi yana gaida shugaban sashe da malamai da "'yan uwana ɗalibai masu albarka". Ladabi ne, amma sallama da sunanki sun wadatar.

Daga nan zuwa cikar minti huɗu, alamomin nan huɗu ne aikinki, kuma nan ne zuciyar darasin, don haka kada ki yi rowar lokaci. Na farko yanayin yaron: yana cikin walwala, ko yana rigima da rashin natsuwa, ko jikinsa ya saki ba ya kula kowa har ma ya suma. Na biyu idanu: sun zurma ko ba su zurma ba, kuma idan kina shakka ki tambayi uwar ko haka idanunsa suke da ma. Na uku shan ruwa: yana sha kamar kullum, ko yana sha da zalama saboda ƙishi, ko ba ya iya sha sai da ƙyar. Na huɗu tsunkule fatar ciki: a kama fatar tsakanin cibiya da gefen ciki da babban yatsa da manuniya, ba da farce ba, ninkin ya bi tsawon jiki daga sama zuwa ƙasa, a riƙe daƙiƙa ɗaya a saki. Ko ta koma nan take, ko ta koma a hankali, ko ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba. Wannan na huɗun kada ki bar wa silaid. Ki nuna kamun a fatar hannunki, ki ce kowa ya kama tasa ya ji yadda lafiyayyar fata ke komawa, tare da tuna musu cewa a jikin yaro a ciki ake yi. Gani ya kori ji.

Sai ƙa'idar da ta ɗaure su, wadda ita ce ainihin abin da kike koyarwa: alama biyu ake nema, kuma daga layin sama na jadawalin IMCI ake farawa. Idan an sami biyu daga cikin sakin jiki, zurmawar ido, kasa sha, da fatar da ta wuce daƙiƙa biyu, ƙarewar ruwa ce mai tsanani, Tsari C. Idan ba a samu ba sai a sauko: biyu daga cikin rigima, zurmawar ido, sha da zalama, da fatar da ke komawa a hankali, matakin tsakiya ke nan, Tsari B. Idan nan ma ba su kai biyu ba, Tsari A, magani a gida. Ki ja hankalinsu kan cewa zurmawar ido tana cikin layi biyu, na sama da na tsakiya, don haka ita kaɗai ba ta raba gardama. A nan ne rabin ajin ke faɗuwa a jarrabawa, kuma da wuya rubutun darasi ya nuna shi ƙarara, sai wanda ya zauna ya kwatanta layukan.

Minti huɗu zuwa biyar da rabi tambaya ta farko. Biyar da rabi zuwa bakwai lissafin Tsari B: mililita 75 sau nauyin yaro a kilo, a ba shi cikin awa huɗu a asibiti, kaɗan-kaɗan da kofi ko cokali, idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali, nono ba a tsayar da shi, bayan awa huɗu a sake duba alamomin daga farko. Ki yi misali ɗaya a allo da hannunki, da nauyin da ba na yaron farko ba, a ce kilo 10, ya ba da mililita 750. Bakwai zuwa takwas da rabi tambaya ta biyu. Sannan ki rufe cikin daƙiƙa 45. Idan kin haɗa za ki ga minti tara da kwata ne. Ragowar daƙiƙa 45 ba kuskure ba ne, na bar su ne don abin da ba a shirya masa ba: majigi ya ƙi kamawa, wani ya yi tambaya, ko harshenki ya sarƙe. Wanda ya shirya minti goma cif, a aji sha biyu zai yi.

Silaid ɗin

Shida sun ishe ki, bakwai idan makarantarku ta wajabta shafin suna. Na farko yaron nan, layi huɗu gajeru. Na biyu manufa. Na uku jadawalin alamomi. Na huɗu tambaya ta farko. Na biyar lissafin 75 sau kilo, da manyan baƙaƙe, ba komai kusa da shi sai "cikin awa 4". Na shida tambaya ta biyu, da layukan rufewa.

Kan kowane silaid ya zama cikakkiyar magana, ba lakabi ba. Maimakon "Rabe-raben ƙarewar ruwa", rubuta "Nemi alama biyu, fara daga sama". Wanda hankalinsa ya tafi ya dawo, kan silaid ɗin kaɗai zai mayar da shi kan hanya. Da Turanci za ki rubuta su tunda da shi ake jarrabawa, amma dabarar ɗaya ce.

Abin da ya kumbura silaid ɗinki har 26 shi ne kin kwashe jimlolin rubutun kin zuba a kansu. Illar haka biyu ce. Ido ya fi baki sauri, kafin ki gama karanta layi na biyu su sun kai na ƙarshe sun daina saurarenki. Ke kuma za ki juya wa aji baya kina karanta bango. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana bincike a kan koyo da hoto da sauti, ya nuna cewa idan ana nuna zane ana bayaninsa da baki, ƙara rubuta wannan bayanin kalma da kalma a allon yakan rage fahimta maimakon ya ƙara. Saboda haka abin da baki zai iya ɗauka ki bar wa baki. Silaid na abin da baki ba ya iya riƙewa ne: jadawali, lamba, hoto, da tambayar da ake son kowa ya sake karantawa.

Jadawalin nan na uku shi ne silaid mafi wahala. Layi uku ne, ki ba su launin da ke cikin littafin jadawalin IMCI da kuka saba da shi: ruwan hoda a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa. Kada ki fito da shi gaba ɗaya. Layi ɗaya ya bayyana, ki yi maganarsa, sannan na gaba. Wannan ne kaɗai wurin da motsin silaid ke da amfani, sauran juye-juye da walƙiya ki bar su. Girman rubutu kada ya gaza 28, kuma baƙi a kan fari, domin azuzuwanmu tagogi a buɗe suke, hasken rana yana cinye rubutu mai launi a kan shuɗi. Gwajin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su buɗe silaid a kwamfuta su ja da baya taku shida. Abin da ba su iya karantawa daga nan ba, na bencin ƙarshe ma ba zai iya ba.

Idan za ki sa hoton ido da ya zurma, ki ɗauko daga kayan koyarwa da aka wallafa. Kada ki ɗauki hoton ɗan mutane a ɗakin yara lokacin aikin gwaji ki haska shi a bango. Na taɓa tsayar da darasi saboda wannan, kuma ashe wata a ajin ta san gidan su yaron.

Maɓallai uku za su yi miki amfani a PowerPoint. F5 yana fara nunin daga farko. Harafin B yana baƙanta allon, ki danna shi lokacin da kike nuna kamun fata ko kike lissafi a allo don idanu su dawo kanki, ki sake dannawa ya dawo. Idan kuma kina son tsallakawa, ki buga lambar silaid ki danna Enter. Ki adana kwafi a PDF a waya da filashi, don fayil yakan sauya kama a kwamfutar da ba taki ba. Sannan ki ɗauka za a ɗauke wuta. Ki zana jadawalin a kwali da maka tun a ɗaki, ki rubuta tambayoyin biyu a bayansa. Darasin da aka gina a kan silaid shida yana rayuwa ba majigi. Mai 26 ba ya rayuwa.

Tambayoyin, inda aka fi yin sakaci

Yawancin ɗalibai sukan bar tambaya sai ƙarshe, su ce "akwai mai tambaya?", a yi tsit, su ce "to na gode". Wasu kuma su tambayi abin da suka faɗa daƙiƙa goma da suka wuce, aji ya amsa baki ɗaya kamar ana biya karatun allo. Amshi ba shaida ba ce ta fahimta. Tambayar kirki ita ce wadda ke sa mutum ya yi aiki da ƙa'idar a kan yaron da bai taɓa ji ba, kuma kowace amsar kuskure tana gaya miki irin kuskuren da aka yi.

Ga ta farko. Yarinya 'yar wata 10, kwana uku tana gudawa. Idanunta sun zurma. Tana wasa da mayafin uwarta, ta sha ruwa kamar yadda ta saba, fatar cikinta ta koma nan take. Wane tsari: A, B ko C? Amsa A ce, domin alama ɗaya ce tak. Wanda ya ce B ya manta ana neman biyu. Wanda ya ce C ya ga zurmawar ido a layin sama ya tsaya nan. Kin ga tun kafin ki shiga aji kin san abin da za ki ce wa kowane ɓangare, kuma gyaran ba zai ɗauke ki daƙiƙa 20 ba.

Ta biyu ita ce komawa ga yaron da kika buɗe da shi, ɗan wata 14 mai kilo 8, wanda ba shi da wata alamar haɗari ko tamowa. Me za a ba shi? Zaɓi na ɗaya, mililita 100 bayan kowace gudawa, a gida. Na biyu, mililita 600 cikin awa huɗu. Na uku, mililita 800 cikin awa huɗu. Na huɗu, mililita 600 cikin awa ɗaya. Yaron yana da alama uku a layin tsakiya, ɗaya kacal a layin sama, don haka Tsari B ne, 75 sau 8 kuwa 600, wato kusan 150 a kowace awa. Mai zaɓin farko ya sa shi a Tsari A, inda ake ba ɗan ƙasa da shekara biyu mililita 50 zuwa 100 bayan kowane bayan gida. Mai 800 ya ɗauko 100 a kowane kilo, lambar ruwan jijiya ta Tsari C. Mai na huɗu ya iya lissafi ya manta lokaci, kuma a aikace shi ne zai ɗura wa yaro ruwa har ya amayar. Ban sa ko zaɓi ɗaya na wasa ba. Zaɓin da ba wanda zai ɗauka ɓata wuri ne.

Yadda za ki karɓi amsa ma yana da dabara. Idan kika ce a ɗaga hannu, mutum ukun nan na bencin gaba da kowa ya sani su za su amsa, sauran su jira. Ki ce kowa ya yi shiru ya yi tunani, sannan idan kin ƙirga uku kowa ya nuna lambar zaɓinsa da yatsu a ƙirjinsa, inda ke kaɗai ke gani. Cikin daƙiƙa biyar kin karanta ajin gaba ɗaya, mai kunya ma ta amsa. Idan kusan kowa ya dace, jimla ɗaya ki wuce. Idan aji ya rabu, kada ki faɗi amsa: ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi cikin daƙiƙa 30, a sake nuna yatsu. Wannan ita ce hanyar da Eric Mazur ya fara amfani da ita a azuzuwan kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1990, kuma ta dace da ku ƙwarai, don wanda ya gane abu yanzun nan ya fi malami tuna inda yake da wuya. Idan kuwa yawanci sun kuskure, gardama ba za ta gyara ba, ki koma jadawalin ki sake bayani da wasu kalmomi.

Sai jira. Mary Budd Rowe, mai bincike a kan koyarwa, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta samu malamai ba sa jira fiye da kusan daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A gaban aji daƙiƙa uku kamar shekara take, bakinki zai yi ta ƙaiƙayin ba da amsa. Ki ƙirga a zuci. Tambayar lissafi kuwa tana son daƙiƙa 20 cur, ki faɗa musu haka don shirun ya zama na aiki.

Akwai abin da ya bambanta koyar da tsara da koyarwar malami. Ƙawayenki ne, wasu sun fi ki maki. Wani zai jefo tambaya don ya gwada ki, a ce lissafin ruwan jijiya na jariri. Kada ki ƙirƙiri amsa, a aikin lafiya wannan mummunar ɗabi'a ce tun daga aji. Ki ce wannan na Tsari C ne, yana wajen darasin yau, za ku duba jadawalin tare bayan an tashi. Idan kuma wata ta ba da amsar kuskure a fili, kada ki ce "ba haka ba ne" ki wuce ga wani; tambaye ta alama nawa ta ƙirga. Sau da yawa da bakinta za ta gyara.

Gwaji, da iyakar abin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gwada sau uku, a tsaye, da murya a sama, da agogo. Karantawa a zuci ƙarya take yi wa mutum game da lokaci. Na farko ke kaɗai, don ki ga inda ya yi tsawo. Na biyu ki ɗauki muryarki a waya ki saurara. Ba daɗi, amma nan za ki ji yawan "to" da "kun gane ko" da kike yi. Na uku a gaban mutum biyu da ba su karanta batun ba, ki yi musu tambayoyin da gaske. Idan sun kuskure ta farko, matsalar tana bayanin jadawalinki. Idan sun amsa kafin ki gama karantawa, tambayar ta yi sauƙi ko kin fallasa amsar a cikinta. Gajeriyar koyarwa irin wannan, tun da aka fara ta a Jami'ar Stanford a 1963, a kan haka aka gina ta: a koyar, a ji gyara, a sake koyarwa. Kada ki haddace jawabi kalma da kalma, wanda ya haddace idan kalma ɗaya ta ɓace masa duka ya rushe. Ki haddace jimlar buɗewa da ta rufewa kawai, sauran ki riƙe ƙaramin kati mai kalmomin tuni da lokutan da ya kamata ki kai kowane wuri. Ki yanke tun yanzu abin da za ki sadaukar idan a minti na bakwai kina baya: tattaunawar mutum biyu-biyu ce za ta tafi, tambayar ƙarshe ba ta tafiya.

Wannan tsari yana da inda ya tsaya. Minti goma zai koya wa 'yan ajinku ƙa'ida da lissafi, ba zai koya wa yatsunsu bambancin fatar da ke komawa a hankali da wadda ta wuce daƙiƙa biyu ba. Wannan sai a gefen gado tare da wanda ya ƙware. Kuma ƙa'idar kanta tana da togaciya da ya wajaba ki faɗa ko da a jimla ɗaya ce: a yaro mai tamowa mai tsanani alamomin nan suna ruɗi, fatar ramammen yaro takan jinkirta komawa ko ruwansa bai ƙare ba, ta mai kumburi kuma takan ɓoye ƙarewar, kuma ba a ba shi ruwa da wannan lissafin, tsarinsa daban ne. A yankinmu, inda tamowa ba baƙuwa ba ce, barin wannan jimla kuskure ne babba. Ki sa ta a rufewarki tare da layin zinki.

Abu na ƙarshe, ki nemi takardar da malaminku zai ba da maki da ita kafin ki taɓa kwamfuta. Wasu malamai suna ware maki ga ma'ana da rigakafi, ko su ƙayyade yawan silaid. Idan haka ne kada ki yi jayayya da takardar: ki ba ma'ana daƙiƙa 15 a kan silaid na manufa, rigakafi layi biyu a na rufewa, ki ciro lokacin daga misalin kilo 10 da za ki yi a allo. Idan takardar ba ta fayyace ba, ki je ofishinsa da jimlar manufarki a rubuce ki tambaye shi ko ya yarda ki taƙaita batun a kan wannan yanki. Ki tafi da lambobin nan ma ki gwada su da littafin jadawalin IMCI da makarantarku ke koyarwa da shi, domin da shi za a yi miki hukunci ranar.